Tikiti na cikin waya, waya kuma ta mutu: me mai duba tikiti zai karɓa?

Wata Litinin, lokacin muna Siwes, na fito zan bi jirgin ƙasa na safe daga Kaduna in koma Abuja. Ranar ce malamin da zai duba littafin aikinmu zai zo, kuma duk wanda ya yi Siwes ya san abin da ke biyo baya idan malami ya zo bai tarar da kai ba. Tikiti na saya tun Asabar, yana cikin imel ɗina. Daren Lahadi ba a kawo wuta ba. Na bar gida cajina na kashi 23, na ce ai ya isa, tikiti kawai zan nuna. A cikin keke-napep na leƙa WhatsApp, na kalli sitatus ɗin mutane, na amsa kira ɗaya. Ina shiga layi caji ya koma 9. Saura mutum huɗu a gabana na ƙure hasken wayar don na'ura ta gani da kyau, na danna imel, ya tsaya yana ta juyawa. A kashi 6 wayar ta ɗauke.

Na ce wa dattijon da ke riƙe da na'urar, "Baba, don Allah, wayata ce ta mutu. Wallahi na saya."

Ya ce, "Ɗana, ban ce ba ka saya ba. Koma gefe ka nemi caji, ka bar na bayanka su wuce."

Wata Hajiya ce ta ara mini fawabank. Wayar da ta mutu murus ba ta tashi nan take, sai da ta ɗauki wajen minti huɗu tana shan wuta kafin ta yarda ta kunnu, ga kuma jiran imel ya buɗe a wurin da ɗaruruwan mutane ke rububin sabis ɗaya. Na shiga jirgi ina haki. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwamfuta nake karanta. Tun daga ranar na zauna na bi diddigin yadda abin ke aiki, daga baya kuma na tsaya ƙofa da kaina ina duba tikitin dinar sashenmu, na ga al'amarin ta ɗaya ɓangaren.

Abin da ya kamata mu fara ganewa shi ne, wannan zanen mai ɗigo-ɗigo da ke fuskar wayarka ba shi ne tikitin ba. Tikitin gaskiya rubutu ne da ke cikin rumbun bayanan kamfanin da ya sayar maka: wane ya biya, ranar kaza, jirgi kaza, kujera kaza. Lambar QR hanya ce kawai ta miƙa wa na'ura wannan bayani cikin daƙiƙa ɗaya, maimakon ma'aikaci ya tsaya yana kwafar haruffa. Idan ka riƙe wannan, duk sauran tambayoyin, na sikirinshot da na mutuwar batir, za su zo maka da sauƙi.

Me ke cikin zanen?

Wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro lambar QR a 1994, don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Rubutu ne zalla aka mayar ƙananan gidaje baƙaƙe da farare. Manyan murabba'ai ukun nan da ke kusurwoyi uku su ne ke nuna wa kyamara inda zanen yake da kuma ina ne samansa, shi ya sa ko ka juya wayar a kife na'ura za ta karanta. Farin filin da ke kewaye da zanen shi ma yana cikin aikin. Ƙa'ida ta ce a bar faɗin gida huɗu fari ta kowane gefe, don na'ura ta san inda zane ya fara da inda ya ƙare.

Akwai kuma wata dabara a ciki. Ana cusa ƙarin bayani na gyara kuskure, ta yadda ko wani sashe ya lalace na'ura za ta iya cike gurbin da lissafi. Matakai huɗu ne: mafi ƙanƙanta yana jure lalacewar kusan kashi 7 cikin ɗari, sai 15, sai 25, mafi girma kusan kashi 30. Wannan ne dalilin da ya sa waya mai ɗan tsagewa a gilashi take wucewa lafiya. Amma idan tsagewar ta bi ta kan ɗaya daga cikin murabba'an kusurwa, ko akwai baƙin tabon nan da ke malala a sikirin bayan waya ta faɗi, to na'ura tana iya kasa gano zanen ma balle ta gyara shi. Mai irin wannan waya sai ya ɗan matsar da hoton zuwa inda gilashin yake da lafiya.

Ba kowane zane mai murabba'i ne QR ba. Idan ka ga ido ɗaya ne a tsakiya maimakon uku a kusurwa, wannan Aztec ne, shi jiragen ƙasa na Jamus da Birtaniya suke amfani da shi, kuma za ka gan shi a takardun shiga jirgin sama da yawa. A wurin fasinja duk ɗaya ne, abin da ke ɓata wancan shi ke ɓata wannan.

A nan gida, layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kusan kilomita 186, an buɗe shi a Yulin 2016, aka fara sayar da tikitinsa ta intanet a Janairun 2021, kuma ɗaya daga cikin dalilan da hukuma ta bayar shi ne magance masu saye su ɓoye su sayar da tsada. Bayan harin 28 ga Maris 2022 jirgi ya tsaya, da ya dawo ranar 5 ga Disamba na shekarar aka ce sai da lambar NIN. Wato tikitin da za ka nuna a Rigasa ko Kubwa ko Idu an ɗaure shi da sunan mutum. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tambayoyi uku ne a gaban mai duba tikiti

Daren da na tsaya ƙofar dina na gane cewa mai duba tikiti ba ruwansa da ko hoton da ka nuna daga manhaja yake ko daga ma'ajiyar hotuna. Abin da yake son sani uku ne. Shin wannan tikiti na gaske ne, kuma na yau ne? Shin wani ya riga ya shiga da shi? Shin kai ne mai shi? Na'ura ce ke amsa biyun farko, na ukun kuwa idonsa ne da katin shaidarka.

Ta farkon ana amsa ta ne ta hanya biyu. Wani tsarin lamba ce kawai a cikin zanen, na'ura ta aika ta ta intanet, ko ta duba jerin sunayen da aka sauke mata tun da safe, ta ga ko akwai ta. Wani tsarin kuma an zuba dukkan bayanin tafiyar a cikin zanen, aka buga masa hatimi na lissafi wanda kamfanin kaɗai ke iya bugawa, na'ura kuma tana iya tantance shi ko babu sabis. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne ga masu wayo: idan ka ɗauki tikitin makon jiya ka goge kwanan wata ka rubuta na yau, rubutun da ido ke gani kawai ka canza. Na'ura ba ta karanta wannan rubutun, zanen take karantawa, shi kuma yana nan yana faɗin makon jiya. Mun kama mutum biyu da haka a dina, sun ɗauki tikitin aboki sun sa sunansu a kai, sunan aboki ya fito ɓaro-ɓaro a wayar da nake duba tikiti da ita.

Ta biyun ita ce tushen duk rigimar sikirinshot. Da zarar an karanta lamba, sai a yi mata alamar an yi amfani da ita. Wanda ya fara nunawa shi ne ya shiga, ko da ba shi ya biya ba. Na'ura ba ta san asali ba, ba ta san kwafi ba, domin kwafin lambar QR daidai yake da asalinta gida da gida. A dinarmu mun buɗe ƙofa biyu da waya biyu, sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, wayoyin suka daina gaya wa juna wanda ya shiga. Sikirinshot ɗaya ya shigar da mutum biyu, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Sai da sabis ya dawo muka gani, dole muka rufe ƙofa ɗaya. Tun daga nan na daina jin haushin ma'aikacin da ya ga sikirinshot ya ce in nuna kati. Ba raini ba ne, ita ce kaɗai hanyar da ta rage masa ta amsa tambaya ta uku.

To sikirinshot yana yi ko ba ya yi?

Ya danganta da irin lambar, kuma iri biyu ne.

Akwai lamba tsayayya. Ranar da ka saya aka zana ta, haka za ta zauna har ranar tafiya. Duk tikitin da ya zo maka a matsayin PDF ko hoto cikin imel irin wannan ne, don takarda ba ta iya canza kanta. Sikirinshot ɗinsa, da wanda ka buga a takarda, da wanda ke cikin imel, duk abu ɗaya ne a idon na'ura. A tafiye-tafiyen da na yi ta jirgin ƙasa na ga an karanta daga waya, na ga an karanta daga takarda, na'ura ta yi ƙara mutum ya wuce.

Akwai kuma lamba mai canzawa. Wannan sai a cikin manhaja take rayuwa. Wanda ya taɓa riƙe tokin na banki zai gane ta nan take: akwai wani mabuɗin sirri a cikin na'urar, ana haɗa shi da lokacin da ake ciki a fitar da sabuwar lamba, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta mutu wata ta fito. Kwamfutar banki tana da irin mabuɗin, tana da agogo, sai ta yi lissafin ta ga ko sun yi daidai. Haka tikitin yake. Kamfanin Ticketmaster, mai sayar da tikitin wasanni da bukukuwa a Amurka da Turai, nasa zanen yana sabuntawa duk bayan daƙiƙa 15. Idan ka ɗauki sikirinshot a ɗaki ƙarfe bakwai, ka isa ƙofa ƙarfe takwas, zanen ya canza sau 240 a tsakani. Hoton da ke hannunka gawa ne. Babu roƙon da zai tashe shi, kuma buga shi a takarda ɓarnar kuɗi ne.

Gane wanne kake riƙe da shi ba wuya. Buɗe tikitin ka zuba masa ido na minti ɗaya. Idan zanen ya sauya, ko akwai wani layi mai yawo a kansa, ko agogo mai tafiya, ko launi mai motsi, mai canzawa ne ko kuma an yi shi don a gane hoto daga asali. Idan ba ka yarda da idonka ba, ɗauki sikirinshot biyu da tazarar minti ɗaya ka gwada su. Idan kuma ka yi ƙoƙarin ɗauka wayar ta ƙi, ko hoton ya fito baƙi ƙirin, kamfanin ne ya toshe da gangan, ya riga ya gaya maka amsar ke nan.

Irin wannan tikiti yana da wani tarko da ba kowa ya sani ba: agogon wayarka. Tunda da lokaci ake lissafin, idan agogon ya kauce da 'yan mintuna, lambar da wayarka za ta fitar tana iya saɓa wa wadda na'ura ke jira. Da yawanmu muna saita agogo da hannu, wasu ma suna tura shi gaba da minti biyar don kada su makara lacca. Shiga Settings, wurin Date & time, ka bar wayar ta riƙa karɓar lokaci da kanta.

Sai wani abu na uku da ke tsakani. Wani lokaci lambar tsayayya ce, na'ura za ta karanta hoton, amma sharuɗɗan kamfanin sun ce sai an nuna daga cikin manhaja. A nan ma'aikaci yana da hurumin ƙin karɓa ko da na'ura ta yarda. Ƙananan rubutun nan na ƙasan tikiti da ba ma karantawa, a nan ake faɗin wannan. Minti biyu ya isa ka karanta su ranar da ka saya.

Ko lambar tsayayya ce, mu da kanmu muke kashe sikirinshot. Na farko yanka: mutum ya datse hoton dab da zanen don ya yi kyau, ya cire farin filin da na'ura ke buƙata, ya kuma cire suna da kwanan wata da lambar kujera, wato duk abin da ma'aikaci zai duba da ido idan na'ura ta ƙi. Ɗauki dukkan shafin, idan bai shiga hoto ɗaya ba ka yi biyu. Na biyu turawa: WhatsApp yana matse hoto don rage nauyinsa, kuma zane mai gidaje da yawa ƙanana yana iya dusashewa, musamman idan an ɗauke shi ƙarami aka yi ta sake ɗauka ana turawa. Idan yayanka ne ya saya maka, ce masa ya turo PDF ɗin, ko ya tura hoton ta Document, ta nan ba a taɓa ingancinsa. Mafi muni shi ne ɗaukar hoton fuskar wata waya da kyamara, ga ƙyalli ga layi-layi. Sannan akwai masu sa waya a baƙin yanayi: wasu manhajojin imel suna juya launin saƙo, farin gefen zanen ya koma baƙi, kuma ba kowace na'ura ce ke jure hakan ba. A gaban na'ura, ƙara haske, kashe juyawar allo, kada ka zuƙo zanen har ya fi ƙarfin sikirin, kuma idan rana ta haske gilashin ka kare da tafin hannu.

Don Allah kuma a daina sa tikiti a sitatus. Na san daɗin a rubuta "Abuja sai mun zo" a ƙarƙashin hoto, amma duk wanda ya gani ya samu kwafin tikitinka, idan ya riga ka zuwa ƙofa kai ne za ka tsaya bayani. Na jirgin sama ma ya fi haɗari, don zanen yana ɗauke da cikakken sunanka da lambar ajiyar kujera mai haruffa shida, kuma a shafin kamfanonin jirgi da yawa waɗannan biyun kaɗai ake nema a buɗe bayanan tafiyarka. Wannan dalilin ne kuma ya sa sayen sikirinshot a hannun 'yan bayan fage caca ne. Hoto ɗaya ana iya sayar wa mutum biyar, ga shi kuma da sunan wani.

Idan batir ya mutu fa?

A nan sai mu yi wa kanmu adalci. Kusan ko'ina ƙa'idar ɗaya ce: nuna tikiti aikin fasinja ne, cajin wayarsa ma haka. Ma'aikaci ba shi da hanyar bambance wanda wayarsa ta mutu da gaske da wanda bai saya ba ya kashe waya, duk magana ɗaya suke faɗa, da rantsuwa iri ɗaya. Inda ƙasashe suka bambanta shi ne abin da ake yi maka bayan nan, kuma bambancin yana da abin koyo.

A Indiya, dokar tikitin intanet na jiragen ƙasa masu kujerar da aka keɓe ta ambaci mutuwar waya ƙarara. Idan ba ka iya nuna tikitin ba amma kana da katin shaida na asali, kuma sunanka yana cikin jerin fasinjojin da ke hannun mai duba tikiti, za ka biya tarar rufi 50 ka ci gaba da tafiyarka. Idan kuwa kana da tikitin a waya garau amma ba ka da katin shaida, ana ɗaukarka a matsayin wanda ba shi da tikiti kwata-kwata. A Jamus, wanda bai nuna tikiti ba ana rubuta masa yuro 60, amma idan tikitin mai ɗauke da sunansa ne, kuma ya riga ya saya kafin a tare shi, yana iya gabatar da shi cikin 'yan kwanaki a rage kuɗin zuwa yuro 7. A Ingila tun Janairun 2023 tarar fam 100 ce a kan kuɗin tafiyar, tana sauka zuwa 50 idan an biya cikin kwana 21, kuma sharuɗɗan sun ɗora wa fasinja alhakin tabbatar da wayarsa tana da caji.

Duba na Indiya da na Jamus da kyau. Abin da ke ceton mutum a duka biyun shi ne tikitin yana da suna, kuma ya iya tabbatar da shi ne mai sunan. Hoton na iya ɓacewa, rubutun da ke rumbu yana nan. Shi ya sa a filin jirgin sama mutuwar waya ba ta cika zama bala'i ba: ka je kanta da katin shaida, a nemo sunanka, a buga maka takardar shiga. Tikitin da ba shi da suna, irin na shiga kallon wasa ko wani biki, shi ne mai wuya, don babu abin da za a nemo ka da shi sai zanen.

Tunda tikitin jirgin ƙasanmu yana ɗaure da suna da NIN, abu biyu ne ya kamata su kasance a jikinka a wajen waya: katin shaida na zahiri, da lambar tikitin a rubuce. Na ce na zahiri ne saboda da yawanmu NIN ɗin ma hotonsa ne a waya, ranar da ta mutu sai ta tafi da tikiti da shaida gaba ɗaya. Ba na cewa lamba da kati za su buɗe maka ƙofa kai tsaye. Mai riƙe da na'ura a bakin layi aikinsa karanta zane ne, ga mutane a bayanka, ga jirgi na shirin tashi. Amma da su kana da abin da za ka kai wa ofishin tikiti ko shugaban ma'aikata a duba. Ni ranar ba ni da komai sai rantsuwa. Shedar cire kuɗi daga banki kuwa ba tikiti ba ce. Tana nuna kuɗi sun fita, ba ta nuna an ba ka kujera, kuma duk mun san ana cire kuɗi ciniki bai kammala ba.

Bari in koma kan kashi 23 ɗina, don a nan na yi kuskuren lissafi. Lambar cajin da waya ke nunawa ƙiyasi ne. Batir idan ya tsufa, ƙarfin wutarsa yana faɗuwa da zarar an ɗora masa nauyi, waya kuma idan ta ga wutar ta sauka ƙasa da iyaka sai ta kashe kanta, ko da allo yana cewa saura 6 ko 15. Ni kuma a daidai lokacin na haɗa mata nauyi biyu mafi girma: na ƙure haske, ga data tana kokawa da sabis mai rauni. Waya tana ƙara ƙarfin neman sabis ne idan ya yi nisa, shi ya sa a cikin jirgi, inda hanya ke ratsa daji sabis na zuwa yana ɗaukewa, caji ke zuba kamar ana tsiyayarsa. Da a ce tun ranar Asabar na sauke PDF ɗin na kuma ɗauki sikirinshot, da na fito na sa Airplane mode na jefa wayar a aljihu, kashi 23 ɗin nan da ya kai ni Abuja da saura. Buɗe hoto daga ma'ajiya daƙiƙa biyu ne, ba ya neman sabis. Kuma kada ka ce ka wuce ƙofa an gama, ana iya sake neman tikitin a cikin jirgi, ko kuma ka tarar da wani zaune a kujerarka ya zama sai ka nuna lamba.

Game da fawabank, kada rubutun jikinsa ya ruɗe ka. Mai 10,000 mAh ba zai cika waya mai 5,000 sau biyu ba. Ana asarar wuta wajen ɗaga ƙarfinta da sauke shi da kuma zafi, abin da ke isa wayar kusan kashi biyu cikin uku ne, wato cikawa ɗaya da ɗan ƙari, in ma na kirki ne ba jabu ba. Don tikiti dai ya isa har ya yi yawa. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne ka jona tun wayar tana da rai. Waya mai kashi 5 da aka jona tana ci gaba da aiki nan take, wadda ta mutu kuwa sai ka jira mintunan nan da na jira. Ka kuma riƙe igiyarka. Hajiyar da ta taimake ni tana da fawabank, amma bakin igiyarta bai shiga wayata ba, sai da wani yaro ya ara mana tasa.

Takarda har yanzu ita ce madogara mafi arha idan lambar tsayayya ce. Ka buga a shagon da ke da injin leza, don tawadar ɗaya injin tana malala idan gumi ko ruwan sama ya taɓa ta. Kada a ƙanƙance shafin, kada kuma ka naɗe takardar ta kan zanen, don layin naɗin yana cinye gidajen da ya bi ta kansu. Idan tare kuke tafiya da aboki, kowa ya tura wa ɗan'uwansa PDF ɗinsa, da wuya wayoyi biyu su mutu tare. Idan kuma mutum ɗaya ne ya saya wa ku huɗu a wayarsa, ku raba tun a gida kowa ya san nasa, domin kowane fasinja da zanensa, kuma na ga yadda layi ke tsayawa ana ta latsa hotuna ana neman na wane ne bai shiga ba.

Ni yanzu ranar da na saya nake gama komai: in sauke PDF, in ɗauki hoton dukkan shafin, in kashe data in buɗe shi don in tabbatar yana buɗuwa ba sabis. Lambar tikiti da ta kujera ina rubuta su da biro a 'yar takarda, in cusa cikin ledar da katin NIN ɗina yake. Kafin in shiga layi hoton yana buɗe, katin yana hannun hagu.